Resista ɗaya, amsa huɗu: wane giraf ya kamata ka zana?

A ce an miƙo maka resista mai zobe ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa da ruwan zinare. Om 100 ke nan, da sassaucin kashi 5 cikin ɗari, wato ko'ina daga om 95 zuwa 105 ba a yi ƙarya ba. Irin ƙaramar nan ce ta kabon, mai ɗaukar rubu'in wat. Ka haɗa ta da na'urar ba da wuta da mita biyu, kana ƙara karant kaɗan-kaɗan daga miliamfiya 5 har 50, kana rubuta boltej ɗin da ke tsakanin ƙafafunta. A 50 ka tsaya, domin nan ne iyakarta: bolt 5 sau amfiya 0.05 shi ne wat 0.25.

Ga alƙaluman da zan yi aiki da su, I karant ne, V boltej. Na tsara su ne domin misali, a bisa yadda irin wannan resista da mita mai araha suke yi:

| I (mA) | V (V) | V/I (om) |
|---|---|---|
| 5 | 0.52 | 104.0 |
| 10 | 1.01 | 101.0 |
| 15 | 1.50 | 100.0 |
| 20 | 1.98 | 99.0 |
| 25 | 2.47 | 98.8 |
| 30 | 2.95 | 98.3 |
| 35 | 3.43 | 98.0 |
| 40 | 3.90 | 97.5 |
| 45 | 4.37 | 97.1 |
| 50 | 4.83 | 96.6 |

Daga wannan jadawali guda, ɗalibai huɗu za su iya fitar da turjiya huɗu, kuma ba wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Wanda ya haɗa sahun V/I ya raba goma zai ce om 99.0. Wanda ya sa kwamfuta ta ja masa layin da ya fi dacewa da duka ɗigo goma zai ce 95.9. Wanda ya tilasta wa layin ya ratsa ta sifiri zai ce 97.6. Wanda ya dubi ɗigo uku na farko kawai zai ce 98.0. Dukansu suna cikin sassaucin da zoben zinare ya yi alkawari, saboda haka kowa zai rubuta cewa sakamakonsa ya yi daidai. Abin da ya raba su shi ne yadda kowa ya gabatar da alƙaluman, don kowace hanya akwai abin da take nunawa, akwai kuma abin da take binnewa.

Jadawali da sahun V/I

Wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma ba na raina ta. Jadawali dole ne ko da me za ka zana daga baya, domin mai karatu ba zai iya sake lissafinka daga hoto ba. Amma sahun V/I yana da wani hali da yake yaudarar mutane. Duba yadda ya gangaro daga 104 zuwa 96.6 ba tare da ya waiwaya ba ko sau ɗaya. Ido yana gani sai baki ya ce zafi ne, resista ta ɗumama turjiyarta ta ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari. To amma a ina ne raguwar ta fi yawa? Tsakanin miliamfiya 5 da 15 aka sauko da om 4 cur. A miliamfiya 15 kuwa wutar da resistar take ci ba ta wuce wat 0.02 da ɗan ɗoriya ba, ko kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai kai ba. Idan ka taɓa ta a lokacin, ba za ka ji bambanci da teburin da take kai ba. Zafi ba ya yin aikinsa a inda babu shi.

Abin da ke faruwa a can ƙasa shi ne mitar boltej tana ƙara wani ɗan adadi a kan kowane karatu. A ce bolt 0.03 ne. A kan 4.80 wannan ba komai ba ne, amma a kan 0.49 ya haura kashi 6 cikin ɗari. Rabawa da ƙaramin karant tana kumbura ƙaramin kuskure, shi ya sa sahun V/I ya fi rashin tabbas daidai a layukan farko. Ko da mitar ba ta da wannan aibi, lambarta ta ƙarshe kaɗai ta isa: bolt 0.01 a miliamfiya 5 daidai yake da om 2, a miliamfiya 50 kuma om 0.2 ne kacal. Wanda ya ɗauki matsakaicin sahun ya ba wa karatun da ke lilo da om 2 nauyi ɗaya da wanda ke lilo da 0.2. Daga nan 99.0 ta fito, kuma ita ce mafi rauni cikin amsoshin huɗu.

V a tsaye ko I a tsaye?

A nan ake yawan gardama, kuma rabin gardamar ba ta da amfani. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce abin da kai kake juyawa ya kwanta, abin da ya biyo baya ya tsaya. Tunda yawanci boltej ake murɗawa, sai a sa V a kwance, I a tsaye. Haka kuma ake zana halin dayod da ƙwan fitila, saboda haka idan aikinka kwatanta resista da waɗannan ne a takarda ɗaya, bi wannan tsari kawai. Sai dai ka tuna gangaren layin a nan 1/R ne, ba R ba. Layin da ya fi miƙewa sama shi ne mai ƙaramar turjiya, kuma resistar da turjiyarta take raguwa za ta lanƙwasa sama, ba ƙasa ba. Ɗalibai da yawa a nan suke juya bayani, su ga layi ya ɗaga kai su rubuta cewa turjiya ta ƙaru.

Idan kuwa abin da ake nema adadin turjiya ne, ni V nake sawa a tsaye. Gangare ya zama R kai tsaye, inda layin ya yanki layin tsaye kuma ya fito da bolt, wanda za ka iya kwatantawa da abin da mitar take nunawa idan ka haɗa bakin wayoyinta biyu. Tarko ɗaya ne: idan karant ɗinka a miliamfiya yake, gangaren zai fito 0.096, sai ka ninka da 1000 kafin ka kira shi om.

Ko wanne ka zaɓa, matsalarsu ɗaya ce, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Ɗauki takardar giraf, ka ba bolt 5 tsawon santimita 20. Kowace santimita bolt 0.25 ke nan, kowace milimita bolt 0.025. Ka ɗiga ɗigo goman nan, ka ɗora rula. Ɗigon da ya fi kowanne nisa da layin bai kai milimita ɗaya ba, kusan kaurin bakin fensir ɗin da ka yi ɗigon da shi. Duk wanda ya kalli takardar zai rantse layi ne miƙaƙƙe sambal. Kwamfuta ma za ta mara masa baya: `R²` na waɗannan alƙaluma 0.9999 ne. Wannan lamba tana burge mutane fiye da kima. Abin da take faɗa kawai shi ne V na tafiya tare da I, wanda ba wanda ya yi musu a kai. Ba ta iya bambance ɗigon da suka warwatsu barkatai da waɗanda suka jeru a kan baka mai laushi.

Saboda haka giraf ɗin V da I ya ƙware a abu ɗaya: nuna babban hoto. Shi zai nuna maka nan take cewa wannan resista ce, ba ƙwan fitila ba, wanda zarensa na tangstan yake ninka turjiyarsa wajen sau goma ko fiye daga sanyi zuwa haske, layinsa ya lanƙwashe yadda ko daga nesa za a gani. Shi zai tona ɗigon da aka rubuta 3.34 a maimakon 3.43. Amma kaucewar kashi 2 cikin ɗari ta fi ƙarfin idonsa.

Layin da kwamfuta ta ja

A manhajar jadawali irin Excel, idan karant yana sahun A, boltej yana sahun B, abin da ake bugawa ke nan:

```
=SLOPE(B2:B11,A2:A11)
=INTERCEPT(B2:B11,A2:A11)
```

Na farko zai ba ka 0.0959, na biyu 0.058. Wato om 95.9, da ƙarin bolt 0.058 a sifiri. Tsaya ka dubi 95.9 ɗin nan da kyau. Babu layi ko ɗaya a jadawalin da V/I ya sauko ƙasa haka, har a inda resistar ta fi zafi. Layin ya ba da turjiyar da resistar ba ta taɓa yi ba a tsawon gwajin. Dalili shi ne an tilasta wa miƙaƙƙen layi ya bi abin da yake lanƙwasa ƙasa a ƙarshe: don ya kusanci ɗigon sama sai ya kwantar da kai, da ya kwantar da kai kuma sai gindinsa ya ɗaga. Shi ya sa 0.058 ya kusan ninka ainihin ƙarin da mitar take yi. Lanƙwasar da ke can sama ta ɓata lambar da ake karantawa a can ƙasa.

Wasu suna ganin 0.058 sai su ce ai dokar Ohm ta ce idan babu karant babu boltej, su danna zaɓin da ke sa layi ya fara daga sifiri. Amsar ta koma 97.6, wadda ta fi kusa da gaskiya, amma da sa'a ta kusanta. Ƙarin mita yana ja sama, zafi yana ja ƙasa, sai suka ɗan kashe juna. A wani gwajin da ƙarin mitar ya kasance ragi ne, kurakuran biyu za su haɗu su ja gefe ɗaya. Resistar ce take bin dokar Ohm, mitarka ba ta yi wannan alkawari ba, kuma abin da ke takardarka karatun mita ne. Bar layin ya yanki inda ya ga dama, ka rubuta inda ya yanka, sannan ka nemi dalili.

Giraf ɗin saura

Wannan ne nake ganin ya fi kowanne biyan wahalarsa, kuma wahalar sahu ɗaya ce a jadawali. A kowane ɗigo, ka cire abin da layin ya ce daga abin da ka auna. A miliamfiya 25 layin ya ce 2.456, ka auna 2.47, saura milibolt 14 a sama. A 50 layin ya ce 4.854, ka auna 4.83, saura milibolt 24 a ƙasa. Idan ka yi wa duka goman, daga farko zuwa ƙarshe, za ka samu wannan a milibolt:

```
-18  -7  +3  +3  +14  +14  +15  +5  -5  -24
```

Ka zana su a kan I, layin tsaye daga −30 zuwa +30. Abin da ya ɓuya a cikin kaurin fensir yanzu ya cika takarda. Biyu a ƙasa, shida a jere a sama, biyu a ƙasa: baka ce, ƙarara.

Sai dai a yi hattara da girman kowane ɗigo shi kaɗai. Mitar boltej tana karanta 0.01, wato milibolt 10. Mitar karant a zangon miliamfiya 200 tana karanta 0.1, wanda idan ya ratsa om 98 shi ma kusan milibolt 10 ne. Ke nan kowane ɗigo yana da 'yancin yin lilo da milibolt 10 zuwa 15 ba tare da wani dalili ba, kuma ya kamata ka sa wa kowanne 'yar sanda mai wannan tsawo sama da ƙasa. Da wannan ma'auni, +14 ita kaɗai ba hujja ba ce, −24 ma da ƙyar ta fita. Hujjar tana cikin jerin. Kuskuren lambar ƙarshe ba ya bin tsari, yau sama gobe ƙasa. Idan ɗigo suka hau a hankali suka sauko a hankali kamar an jera su da hannu, akwai abin da yake jera su.

Akwai hanya ta biyu ta yin wannan giraf, kuma a kan resista na fi son ta. A maimakon layin duka goma, ja layi ta ɗigon da resistar take da sanyi, sannan ka miƙa shi har ƙarshe. Ukun farko, 0.52 da 1.01 da 1.50, tazarar 0.49 ce a kowace miliamfiya 5. Om 98.0 ke nan, kuma idan ka koma baya taki ɗaya daga 0.52 za ka sauka a 0.03. Yanzu auna sauran da wannan layi:

```
0  0  0  -10  -10  -20  -30  -50  -70  -100
```

Wannan ya fi na farko faɗin gaskiya, domin ya nuna inda kaucewar ta fara da yadda take girma. Kuma yadda take girma shi ne sa hannun zafi. Wutar da resista take mayarwa zafi tana tafiya da I², canjin turjiya yana bin zafin, boltej ɗin da aka rasa kuma canjin turjiya ne sau I. Gaba ɗaya I³. Gwada: daga 40 zuwa 50, I³ ya ƙaru sau 1.95, kaucewar ta tashi daga 50 zuwa 100. Daga 30 zuwa 50, I³ ya ƙaru sau 4.6, kaucewar sau 5. Ya zauna, gwargwadon abin da mita mai milibolt 10 za ta iya rarrabewa.

Raunin wannan hanya shi ne ɗigo uku kawai suke riƙe da layin, kuma su ne masu ƙananan lambobi. Kuskuren milibolt 10 a ɗaya daga gefe zai karkata gangaren da om 1, wanda idan aka miƙa shi zuwa 50 ya zama kusan milibolt 50, rabin abin da kake son nunawa. Maganinsa a wurin awo yake, ba a wurin lissafi ba: ƙara yawan ɗigo a ƙasa da miliamfiya 15, kuma ka auna su a zangon bolt 2 inda mitar take karanta milibolt 1.

Turjiya a kan wat

Idan malami ko mai duba rahoto yana son ka tabbatar cewa zafi ne, ba ka faɗa kawai ba, wannan giraf ne zai yi maka. Fara cire 0.03 daga kowane boltej, sannan ka raba da karant. Sahun da ya fara da 104 yanzu zai zama 98.0, 98.0, 98.0, 97.5, 97.6, 97.3, 97.1, 96.8, 96.4, 96.0. Raguwar kashi 7 ta koma kashi 2. Ka zana waɗannan a kan V sau I. Idan zafi ne, ɗigon za su bi miƙaƙƙen layi mai gangarowa, daga 98 a wat sifiri zuwa 96 a wat 0.24. A miliamfiya 25 wutar rubu'in ta ƙarshe ce, wat 0.06, kuma raguwar om 0.4 ce, kusa da rubu'in om 2.

Daga nan za ka iya tambayar ko girman ya yi ma'ana. Turjiyar resistar kabon tana raguwa da zafi, yawanci 'yan kashi kaɗan cikin 10,000 a kowane digiri. Idan ka ɗauki 4 cikin 10,000, raguwar kashi 2 cikin ɗari tana neman ƙarin digiri 50, kuma ƙaramar resista da ke cin duk abin da aka ƙera ta ta ci tana iya kaiwa nan. Yatsa zai gaya maka. Alkiblar ma shaida ce. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, saboda haka naɗin wayarsa zai lanƙwasa ta ɗaya gefen, kuma da ƙarfi sosai. Resistar da aka yi da siririn rufin ƙarfe, masu shuɗin jiki galibi, takan tsaya a 50 ko 100 cikin miliyan a kowane digiri. A irinta, da wannan mita, da wuya ka ga komai, kuma idan ka ga raguwar kashi 2 to ka nemi dalilinta a wani wuri.

Aibin wannan giraf shi ne ya dogara da 0.03 ɗin da ka cire. Idan ka cire abin da ba daidai ba, gefen hagu zai yi wutsiya sama ko ƙasa, kuma wutsiyar taka ce, ba ta resista ba.

Kowace kaucewa da kamanninta

Jimlar nan da ake rufe rahoto da ita, wai kaucewa ta faru ne saboda kuskuren ɗan Adam da zafi, ba ta bayyana komai ba, domin za ta dace da kowane sakamako. Bayani mai amfani yana haɗa siffa da dalili, sannan ya kawo gwajin da zai iya ƙaryata shi.

Layin da ya miƙe amma bai ratsa sifiri ba, zargi na farko sifirin mita ne. Cire wayoyin boltmita daga da'ira ka haɗa bakinsu, ka ga me take nunawa. Ko kuma ka juya wayoyin na'urar ba da wuta, karant ya bi ta baya, mitocin suna yadda suke. A misalinmu miliamfiya 10 za ta ba da 1.01 ta gaba, −0.95 ta baya. Rabin tazarar da ke tsakaninsu 0.98 ne, na resista, tsakiyarsu 0.03 ne, na mita. Zafi kuwa bai damu da alkibla ba, lanƙwasarsa iri ɗaya ce a gefen biyu. Shi ya sa awo daga −50 zuwa +50 ya fi awo daga 0 zuwa 50 daraja nesa ba kusa ba, ko da yawan ɗigon ɗaya ne.

Zafi yana da wata alama kuma, ita ce lokaci. Ka tsallaka kai tsaye daga sifiri zuwa miliamfiya 50 ka zuba wa mita ido: karatun zai yi ta jan ciki na ɗan lokaci kafin ya tsaya. Idan ka hau da sauri ka sauko da sauri, ɗigon saukowa ba za su faɗa kan na hawa ba, domin resistar ba ta gama hucewa ba. Saboda haka rubuta a rahotonka ko nan take kake karantawa ko kana jira ya tsaya. Sharaɗin da ake maƙala wa dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 shi ne zafi ya kasance bai canza ba. Idan ya canza, gwajin ne ya fita daga sharaɗin.

Akwai kuma tsalle, wanda ba ya kama da baka ko kaɗan: saura suna tafiya a mataki ɗaya, kwatsam su koma wani matakin su ci gaba. Duba inda ya faru. Mitar da ke ƙirga har 1999 tana cika a bolt 2 da kuma miliamfiya 20, kuma ga resistar om 100 waɗannan biyun a wuri ɗaya suke faɗowa, a tsakiyar jadawalinka. Kowane zango da nasa ɗan kuskuren. Idan dole ka canza zango, auna ɗigo ɗaya a zangon biyu, ka sa alama a jadawali daidai inda ka murɗa.

Mafi haɗari ita ce wadda ba ta kaucewa sam. Idan boltmita ta rungumi resista da amita tare, turjiyar cikin amita ta shiga lissafi. A irin mitar nan takan kai wajen om 1 a zangon miliamfiya 200, ban da fis da wayoyi, wajen om 10 kuma a zangon 20. Layi zai fito sambal, saura su yi kyau, amsa kuma ta zama 108 a maimakon 98. Ga babbar resista abin juyawa yake: boltmita mai megaom 10 da aka ɗora a kan resistar megaom 1 tana shan nata karant, amita ta ƙirga duka, amsa ta fito megaom 0.91. Babu giraf ɗin da zai tona wannan, sai zanen da'irar da ke nuna inda kowace mita take. Ga om 100, boltmita a kan ƙafafun resista kaɗai ake ɗora ta, domin abin da take sha kashi 1 ne cikin 100,000.

To wanne?

Ya danganta da tambayar da aka yi maka. Idan tambayar ita ce ko wannan abu yana bin dokar Ohm, a kwatanta shi da ƙwan fitila, jadawali da giraf ɗaya mai I a tsaye sun wadatar, ƙari a kansu ado ne. Idan adadin turjiya ake so, sa V a tsaye, kada ka ɗaure layin a sifiri, kuma ka tsaya a ƙananan karant. Rubu'in iyakar wat, wato miliamfiya 25 a nan, wuri ne mai kyau na tsayawa. Idan kuwa an ce ka tattauna kaucewa daga miƙaƙƙen layi, giraf ɗin V da I shi kaɗai ba zai ba ka abin tattaunawa ba. Sa giraf ɗin saura a ƙarƙashinsa, layin kwancensu ɗaya, yadda ido zai sauko daga ɗigo zuwa saurarsa. Turjiya a kan wat sai idan za ka yi da'awar zafi kuma kana son ta tsaya da ƙafarta.

Da zarar layi ya lanƙwasa, dole ka faɗi wace turjiya kake nufi. A miliamfiya 50, V/I bayan gyara om 96.0 ne, amma gangaren da ke tsakanin ɗigo biyu na ƙarshe, 0.46 a kan miliamfiya 5, om 92 ne. Na farko shi ne turjiyar resistar a wannan zafin. Na biyu yana faɗin yadda boltej zai motsa idan ka ƙara karant kaɗan ka jira ta ƙara ɗumama, kuma kuskure ne a kira shi turjiyar resista a rubuta shi a matsayin amsa.

Ga alƙaluman nan, abin da zan rubuta a ƙarƙashin giraf shi ne: turjiya a sanyi om 98, da rashin tabbas na wajen om 1, daga ɗigon da ba su wuce miliamfiya 15 ba, layin ya yanki bolt 0.03, wanda za a kwatanta da karatun mita idan an haɗa wayoyinta. Daga miliamfiya 30 zuwa sama karatu yana faɗuwa ƙasa da layin fiye da lilon mita, har milibolt 100 a 50, yana girma kamar I³, daidai da raguwar turjiya ta kashi 2 cikin ɗari a wat 0.24.